Hoton gaske da ya ratsa ta na'ura: abin da tambarin ɓoye ba ya faɗa

A cikin mako guda na watan Janairun 2026, hotuna biyu daga jihar Minnesota ta Amurka sun tayar mini da hankali. Na farko na Nekima Levy Armstrong ne, lauya 'yar fafutika da jami'an tarayya suka kama bayan wata zanga-zanga a cikin coci a birnin St. Paul. Sakatariyar tsaron cikin gida ta lokacin, Kristi Noem, ta wallafa hoton kamen, matar tana tafe fuskarta a natse. Jim kaɗan shafin Fadar White House ya fitar da hoton nan dai, amma an mayar da ita tana sharɓar kuka. Na biyu na Alex Pretti ne, ma'aikacin jinyar da jami'an tarayya suka harbe a Minneapolis ranar 24 ga watan. Wani ya tsinko hoto mai dishi-dishi daga bidiyon da aka ɗauka a wurin, ya ba ƙirƙirarriyar basira ta wanke shi. Hoton ya fito tangararan, sai dai ɗaya daga cikin jami'an da ke durƙushe ba shi da kai.

A hoton farko an ƙaga hawayen da ba a zubar ba. A na biyu kisan ya faru, akwai bidiyonsa ta kusurwa daban-daban, gyaran ne ya ɓata shaida. Amma idan aka bi tsarin lakabin da kamfanoni ke tallatawa, kalma ɗaya za a liƙa wa dukansu: ƙirƙirarriyar basira ta taɓa wannan. A ganina a nan tsarin ya fi rauni. An gina shi ne da tunanin hoton da aka ƙirƙira daga babu, alhali mafi haɗarin hotuna a yau su ne waɗanda suka faro daga kyamara.

Tushen matsalar yana cikin yadda kayan aiki biyu da tsarin ya dogara da su suke. Akwai tambarin ɓoye, irin SynthID da Google DeepMind ya fito da shi a Agustan 2023. Ana saƙa shi cikin ɗigo-ɗigon hoton kansa, ta hanyar sauye-sauyen launi ƙanana da ido ba ya gani, kuma an tsara shi ya jure wa datsewa, matsewa da sauya haske. Kamar lalas ne a cinyar raƙumi: yana nuna garken da dabbar ta taɓa shiga, ko ta canza hannu sau goma. Amma lalas ba ya ba da labarin tafiya. Tambarin ba ya ɗauke da hoton asali, ba ya faɗin umarnin da aka ba na'urar, ba ya rarrabe wanda ya ce a share ƙura daga wanda ya ce a sa wa mace kuka.

Sai kuma takardar asali ta C2PA, ƙawancen da Adobe, Arm, BBC, Intel, Microsoft da Truepic suka kafa a 2021, wadda ake gani a allo da sunan Content Credentials. Ita wannan ta fi kama da isnadi. Tana maƙale da fayil, tana lissafa abin da ya samar da hoton, hotunan da aka haɗa a ciki, da irin aikin da aka yi masa, sannan a rufe ta da sa hannun lissafi ta yadda in an taɓa hoton daga baya za a gane. Har kalmomin rarrabewa akwai, waɗanda ƙungiyar IPTC ta tanada:

```
digitalCapture
trainedAlgorithmicMedia
compositeWithTrainedAlgorithmicMedia
```

Na farko hoton kyamara ne, na biyu ƙirƙirar na'ura zalla, na uku gaurayen da wani ɓangarensa na'ura ce ta zana. Ke nan bayanin da muke buƙata yana nan a takarda. Abin takaicin shi ne takardar ba ta da ƙarko. Sikirinshot ɗaya ya isa ya raba ta da hoton, kuma manhajojin aika saƙo da shafukan zumunta da yawa suna sake matse hoto su zubar da bayanan da ke jikinsa. Wanda ya san labarin ba ya tsira a hanya, wanda ke tsira kuma bai san labarin ba. Abin da ke isa wayar mai karatu, bayan an tura hoton daga zaure zuwa zaure, shi ne tambarin nan mai amsa ɗaya tak: e ko a'a.

Na ga wannan da idona a gida. Muna da hoton kakanmu guda ɗaya, baƙi da fari, ya sha lanƙwasa a cikin adaka har tsaga ta ratsa kafaɗarsa. Wani ɗan yayana ya ɗauke shi da waya, ya sa a manhajar gyaran hoto, ya rubuta mata ta gyara ta sa launi. Cikin daƙiƙu kaɗan ga dattijo fes, babu tsaga. Murna muka yi ta yi, har sai da gwaggonmu ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido, ta yi shiru. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ina zanen Baba?" Zanen askar da ke kuncinsa ya ɓace, domin na'urar ta ɗauke shi a matsayin karce irin na tsufan takarda. Aikin da ke jikin hularsa ma ya koma wani zane da ba mu san shi ba.

Abin da ya faru da hoton ya bayyana dalilin da ya sa kalmar "gyara" take yaudara. Irin waɗannan manhajoji ba sa goge datti su bar sauran yadda yake. Suna karanta hoton, sannan su sake zana shi, sukan cike duk inda bayani ya yi ƙaranci da abin da ya fi yawa a cikin hotunan da aka horar da su da shi. Fuskar da faɗinta bai wuce ɗigo talatin ba a bidiyon waya ba ta ƙunshe da bayanin da za a faɗaɗa zuwa ɗigo dubu. Ragowar duk hasashe ne. Shi ya sa hatsarin ya fi yawa a fuska, yatsu, rubutu, lambar mota da abin da mutum ke riƙe da shi, wato daidai wuraren da alƙali ko ɗan jarida zai fara dubawa. A kan hoton kakanmu, lakabin ƙirƙira gaskiya ne, tunda kowane ɗigo na'ura ce ta zana. Duk da haka mutumin ya rayu, ya zauna gaban mai hoto, kuma yawancin abin da ke cikin hoton nasa ne. Lakabi ɗaya ba zai ɗauki waɗannan gaskiya biyu ba.

Kamfanonin sun yi ta lalube a kan inda za su ja layi. A 2024 Meta ta fara liƙa "Made with AI" a Instagram da Facebook, sai masu ɗaukar hoto suka yi caa, ciki har da Pete Souza, tsohon mai ɗaukar hoton Fadar White House, wanda hotonsa na wasan ƙwallon kwando ya sha lakabin. A farkon Yuli aka sassauta zuwa "AI info", a Satumba kuma aka tura lakabin hotunan da gyara kawai aka yi musu cikin jerin zaɓi, inda sai ka danna kafin ka gani. Google kuwa, da ya sa SynthID a aikin Reimagine na Google Photos a Fabrairun 2025, shi da kansa ya ce gyara ƙarami, kamar sauya launin wata 'yar fure a bayan hoto, yana iya kasa samun tambarin. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai ma, a sashe na 50, ta keɓe gyaran yau da kullum da wanda bai sauya hoton sosai ba daga wajibcin sa alama. Duk ma'aunin nan na girman sauyi ne, alhali nauyin ƙarya ba ya bin girma. Sauya sararin sama gaba ɗaya na iya zama ado kawai. Sauya lamba ɗaya a hoton takardar sakamakon zaɓe ya isa ya tayar da gari.

Illar da ta fi damuna ita ce ta ƙaryata gaskiya. A ce wani ya ɗauki hoton gadar da ta rufta da ƙaramar waya da magariba, hoton bai fito ba, ya ba manhaja ta haskaka shi don mutane su gani. Wanda abin ya shafa sai ya loda hoton a manhajar Gemini, wadda tun ƙarshen 2025 take iya duba SynthID, ya samo amsar cewa an samar ko an gyara shi da kayan Google. Sai ya yaɗa wannan amsar a matsayin hujjar cewa gadar lafiyarta lau. Mai hoton bai yi ƙarya ba, amma ya miƙa wa abokin hamayyarsa sanda. A ɗaya gefen, maƙaryacin da ya san aikinsa zai yi amfani da manhajar da ba ta sa tambari ko kaɗan, tunda akwai waɗanda kowa ke iya saukewa a kwamfutarsa. Na'urar binciken SynthID tambarinta kawai take nema. In ta ce ba ta ga komai ba, wannan ba wanke hoton ta yi ba.

Masu kare tsarin suna da hujja, ban hana su ba. Sun ce ana ƙoƙarin haɗa biyun, tambarin ɓoye ya zama makullin da za a nemo takardar asali da shi a rumbun intanet ko da an cire ta daga fayil. Sun kuma nuna kyamarorin da ke sa hannu tun lokacin ɗauka, daga Leica M11-P a 2023 zuwa wayar Pixel 10 a 2025. Hanyar daidai ce. Amma a Satumban 2025 Nikon ya dakatar da nasa tsarin na kyamarar Z6III ya soke takardun sa hannun, bayan an gano ana iya amfani da fasahar haɗa hotuna biyu ta cikin kyamarar a sa ta rattaba hannu kan hoton da ba ita ta ɗauka ba. Sannan mutanen da ke ɗaukar hoton ambaliya ko rikici a garuruwanmu ba waɗannan na'urori ne a aljihunsu ba. Ranar da aka mayar da takardar asali sharaɗin yarda da hoto, shaidar talaka ce za ta fara faɗuwa.

Abin da ya tona asirin hoton Levy Armstrong shi ne samuwar hoton farko, wanda aka ɗora ɗaya a kan ɗaya aka ga komai ya dace sai fuska. Na Pretti ma bidiyon asali ne ya nuna me ya faru da kuma me na'ura ta ƙara. Don haka idan lakabi ya bayyana a kan hoton wani lamari, aikin shi ne a nemo kwafin da ya fi tsufa, wanda galibi shi ne mafi dishi-dishi, a gwada su gaɓa-gaɓa: fuska, hannu, rubutu, adadin mutane. Wanda kuma ya ɗauki hoton shaida, ya ajiye fayil ɗin farko kada ya taɓa shi, ya tura shi a matsayin fayil don kada manhaja ta matse shi, in ma zai gyara ya fitar da biyun tare. Mu a gida haka muka yi. Mun kai tsohon hoton an ɗauki kwafinsa da sikana yadda yake, da tsagarsa da zanen kuncin, shi muka rataye a ɗakin gwaggo.