Kafin ku biya kuɗin tumatirin gwangwani, ku juya shi ku duba

Sau da yawa kayan da aka karya wa kuɗi a kasuwar ƙauye kwanansu ne ya kusa ƙarewa. Yau za mu ɗauki gwangwanin tumatir guda mu duba shi tare.

Ku juya gindinsa ko ku dubi murfin. Galibi kwanan wata biyu ake bugawa. Wanda ke da PROD, MFD ko FAB a gabansa, ranar da aka yi shi ce a masana'anta. Wanda ke da EXP ko BB, shi ne iyakarsa. A ce an rubuta PROD 03/2024, EXP 03/2026. An yi shi a watan Maris 2024, wa'adinsa ya kai ƙarshen Maris 2026. In lambobin kashi uku ne, kamar 05/11/26, a kayan da ke zo mana daga Najeriya da ƙasashen faransanci rana ce farko, sai wata, sai shekara: 5 ga Nuwamba 2026. In kun ga an kankare wurin, ko an manna wata takarda a kai, ku aje shi.

Amma kwanan wata kaɗai bai isa ba. Masana'anta ta ƙidaya shi ne bisa cewa za a aje kayan a inuwa, wuri busasshe. Gwangwanin da ya sha ranar Afirilu bisa tebur a bakin hanya yana iya lalacewa kafin wa'adinsa.

Don haka ku danna murfin da babban yatsa. Lafiyayye a shafe yake, ba ya motsi. In ya kumbura, ko ya lotsa ya dawo da ƙara, iska ta taru a ciki, kuma sau da yawa ƙwayoyin cuta ne ke yin ta. Kada ma a ɗanɗana, don akwai guba mai kisa da ba kullum take wari ba. Ku bi bakin gwangwanin da ido, inda aka naɗe ƙarfen. Ƴar lotsawa a gefe da sauƙi, amma lotsawa a kan wannan naɗin, ko tsatsa mai ci, ko alamar yoyo, hanya ce ta buɗe.

Uwargida, da zarar kin fasa gwangwanin, wancan kwanan watan ya daina aiki. Juye ragowar a kwano mai tsabta da murfi. A firigo zai yi ƴan kwanaki; in babu, a ƙarar da shi ranar. Shi ya sa ƙaramin gwangwani ya fi wa ƙaramin gida.

Ƴan uwa na Kano, Abijan ko Agadas masu aiko kwalin kaya gida, ku zaɓi mai sauran watanni da yawa, ku kuma faɗa a waya wanda za a fara buɗewa, don ba kowa ke karatun boko ba.