Agogonka Ya Ce Mita 30: Ko Zai Jure Alwala, Wanka Da Iyo?

Juya agogonka ka dubi murfin bayansa. Galibi za ka ga an rubuta WATER RESIST, ko kuma wata lamba kamar 30M, 5 ATM ko 10 BAR. Duk wanda ya ga mita 30 zai ɗauka cewa agogon zai iya nutsewa cikin rijiya mai zurfi ya fito lafiya lau. Amma sau da yawa irin wannan agogon ne ake kai wa mai gyara da raɓa a cikin gilashi, alhali bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Lambar ba ƙarya ta yi ba, sai dai abin da take faɗa daban ne da abin da mai saye yake ji.

Lambar sakamakon gwaji ce da aka yi a masana'anta. Ruwa yana da nauyi, kuma duk zurfin mita 10 yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Wannan ma'auni shi ne ake rubutawa BAR ko ATM, kuma bambancin da ke tsakanin biyun ƙanƙane ne. Saboda haka 30M da 3 ATM da 3 BAR duk magana ɗaya ce, haka ma 100M da 10 BAR.

Ƙa'idar da kamfanoni da yawa suke bi ita ce ISO 22810, wadda aka fitar a 2010. Ana sa agogo cikin tukunyar gwaji mai ruwa, a ɗaga matsin zuwa adadin da za a rubuta a jikinsa, a bar shi minti 10. Akwai kuma jiƙa shi a zurfin santimita 10 na awa guda, da sauya masa ruwa mai ɗumin digiri 40 da mai digiri 20. Daga ƙarshe sai a ɗumama agogon, a ɗiga ruwa mai sanyi a kan gilashinsa, a goge bayan kamar minti ɗaya. Idan danshi ya shiga, raɓa za ta bayyana ta ciki.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, agogon da aka gwada sabo ne fil, robobinsa ba su sha rana ko zufa ba. Na biyu, ƙa'idar ta bar wa kamfani damar ya ɗebi wasu agoguna ya gwada a madadin sauran, don haka ba lallai ne naka ya taɓa shiga tukunyar ba.

Ta ina ruwa yake shiga?

Ƙarfen agogo ba ya yoyo. Ruwa yana bi ta mahaɗa ne: gefen murfin baya, gefen gilashi, ramin ɗan kunnen da ake saita lokaci da shi, da ramukan maɓallai. A kowace mahaɗa akwai siririn zoben roba, wani bai fi kaurin zaren ɗinki da yawa ba, an shafa masa ɗan giris. Kamar robar bakin fulas ɗin shayi yake aiki: muddin yana da laushi kuma murfi ya danne shi daidai, ba abin da zai wuce. Da zarar ya bushe, ya baje ko ya tsage, to lambar da ke murfin ta zama tarihi.

Wurin da ya fi rauni shi ne kunnen saita lokaci, domin sandarsa tana juyawa, tana shiga tana fita. Wannan matsalar ce kamfanin Rolex ya magance a 1926 da agogonsa Oyster, wanda ake murɗa kunnensa ya ɗaure a jikin agogon. Har yau yawancin agogunan da aka yi domin ruwa sosai suna da irin wannan kunne. Idan an manta ba a murɗa shi ya kulle ba, ko agogon mita 200 zai iya shan ruwa a wurin wanke hannu.

Akwai wani bayani da ake yawan yi, wai wurga hannu a cikin ruwa yana ninka matsi har agogon mita 30 ya ji kamar ya wuce zurfinsa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Hannun da ke gudun mita 5 a daƙiƙa cikin ruwa, wanda gudu ne mai yawa ga mai iyo, matsin da yake ƙarawa bai kai na zurfin mita ɗaya da rabi ba. Dalilin da ya sa kamfanoni suke hana iyo da agogon mita 30 shi ne robobinsa ƙanana ne, murfinsa sau da yawa dannawa kawai ake yi, kuma sun san ba zai dawwama sabo ba.

Wanke hannu da alwala

Agogon da aka rubuta wa WATER RESIST kawai, ko 30M, an yi shi ne domin fantsamar ruwa: yayyafi, zufa, wanke hannu. Sanannen agogon nan na roba, Casio F-91W, da ya fito a 1989 kuma har yau yana cike da kasuwanni, yana cikin wannan rukuni. Mutane da dama sun yi iyo da shi bai lalace ba, amma abin da kamfanin ya lamunta bai wuce ruwan sama da wanke hannu ba.

Alwala ta ɗan fi wanke hannu, domin ruwa yana gangarawa har gwiwar hannu, kuma ana maimaita ta kullum. Agogon mita 30 mai lafiyayyun robobi zai jure, amma idan ya kwana biyu, ko an taɓa buɗe shi, cire shi ya fi kwanciyar hankali. Kada a tara shi a bakin famfo mai ƙarfi, kada kuma a ja kunnensa ko a danna maɓalli yana jiƙe, domin motsin yana iya tura ɗigon da ke bakin ramin zuwa ciki. Maɗaurin fata kuwa ba ruwansa da lambar da ke murfi. Yawan jiƙa shi yana sa shi wari da tsagewa.

Wanka

Wanka ya fi iyo cutar da agogo, ko da yake ruwansa ba shi da zurfi. Dalili shi ne sabulu da zafi. Sabulu yana sa ruwa ya fi saurin ratsa ƙananan kafofi, kuma a hankali yana wanke giris ɗin da ke kan roba. Ruwan zafi yana ɗumama iskar da ke cikin agogo ta kumbura, idan ya huce sai ta tsuke, kuma inda roba ta yi rauni tana iya zuƙo danshi. Shi ya sa takardar da ke zuwa da agogunan Casio take gargaɗi game da wanka da sabulu, har ga masu babbar lamba. Ko da shawa ake wankan ko da bokiti da kofi, hukuncin ɗaya ne: agogon mita 100 ba zai mutu a wanka ɗaya ba, amma mayar da hakan al'ada yana gajarta ran robobinsa.

Iyo da nutso

A kan 50M kamfanoni sun rabu. Casio ya yarda a yi iyo da agogonsa na 5 BAR, wasu kuma suna cewa a tsaya ga ɗan gajeren iyo a ruwa marar zurfi. Wanda zai riƙa iyo a kai a kai, a kogi ko a wurin iyo na otal, gara ya fara daga 100M. Bayan ruwan teku ko ruwan da aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye agogon da ruwa mai tsabta a goge, domin gishiri yana bushewa a mahaɗa ya ci roba da ƙarfe.

Nutso da tulun iska a baya kuwa yana da tasa ƙa'idar, ISO 6425. Agogon da ya cika ta ana rubuta masa DIVER'S tare da zurfin, misali DIVER'S 200M. Mafi ƙarancin zurfinsa mita 100 ne, ana gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya, kuma da matsin da ya zarce na rubutun da kashi 25 cikin ɗari. Wato mai mita 200 ya ɗanɗani matsin mita 250 kafin ya bar masana'anta.

Agogunan zamani da ake haɗawa da waya sukan zo da IP67 ko IP68. Na farkon yana nufin an gwada shi a zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta, wanda ba izinin iyo ba ne. Mai son iyo da irinsu ya nemi 5 ATM a takardarsa.

Ranar canjin batir

Mu ɗauki agogon mita 50 mai shekara uku da batirinsa ya ƙare. Mai gyara ya sa wuƙa ya ɓalle murfin, zoben robar ya fito a baje, ya ɗan miƙe. Ya sa sabon batir, ya mayar da tsohon zoben ba giris, ya danne murfin, gefen zoben ya naɗe ba a lura ba. Agogo yana tafiya daidai, rubutun 50M yana nan. Bayan 'yan makonni na alwala da zufa, sai raɓa ta bayyana a gilashi wata safiya mai sanyi.

Ba kowace raɓa ce alamar yoyo ba. Idan aka fito daga zafin rana aka shiga ɗaki mai sanyi, ɗan hazo yana iya fitowa ya ɓace cikin 'yan mintoci, domin iskar da ke cikin agogo dama tana da ɗan danshi. Amma raɓar da ta ƙi tafiya, ko take dawowa kullum, ko ta zama ɗigo, ruwa ne ya shiga. A nan lokaci yana da tsada: tsatsa tana fara kama ƙananan ƙarafa da mazaunin batir cikin kwanaki kaɗan. Binne agogo a shinkafa ko shanya shi a rana ba ya fitar da ruwan da ke rufe a ciki. A kai shi a buɗe, a cire batir, a busar, a sauya roba.

Maganin abin tun farko shi ne a ranar canjin batir ka ce, “Malam, a duba mini robar murfin, in ta baje a sa sabuwa, a shafa mata giris.” Kamfanoni da dama suna ba da shawarar sauya robobi duk shekara biyu zuwa uku. Manyan shagunan gyara suna da na'urar da ke gwada agogo da matsin iska ba tare da an jiƙa shi ba. Idan inda kake babu irinta, to ɗauki duk agogon da aka buɗe a matsayin wanda ya sauka mataki ɗaya: mai mita 100 ya koma na ɗan gajeren iyo, mai mita 50 ya koma na wanke hannu, mai mita 30 kuwa a cire shi kafin a taɓa ruwa.