Fitilar ƙofar gida mai jure damina da hunturu

Mai gidan da ya maƙala fitilar ado a ginshiƙin ƙofarsa a Kano yakan gane ingancinta a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, iska na watsa shi a jikin bango. Idan raɓa ta taru a cikin gilashin, ruwa ya riga ya sami hanya.

Tun a shago ake kauce wa wannan. A jikin kwalin fitilar waje akwai lamba irin IP44 ko IP65. Adadin farko na nuna kariya daga ƙura, na biyu daga ruwa. IP44 tana jure fantsamar ruwa, amma ƙurar hunturu mai laushi, wadda ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana shiga cikinta. Adadin 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, 5 kuma na nufin fitilar na jure feshin ruwa ta kowane gefe. IP65 ce ta dace da ƙofar da ba ta da rumfa.

Sai dai fitila mai kyau ma takan faɗo saboda abin da aka kafe ta da shi. Ƙusar baƙin ƙarfe tana tsatsa, ta bar jan zane a fenti, ta kuma kwance a cikin bulo idan guguwar farkon damina ta yi ta jijjiga fitilar. Gara a huda bangon, a cusa ƴar robar riƙe sukuru, a ɗaure da sukurun ƙarfen da ba ya tsatsa. Waya kuma ta shigo ta ƙasan fitilar, a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje.