Lambar takalmi ba ta faɗin faɗinsa

Darasinmu na yau a kan takalmi ne, kuma da kai nake, kai mai tafiyar ƙasa kullum: mai talla da ke zagaya ƙauyukan bakin tabkin Madarunfa, mai tafiya cin kasuwar Gabi ko ta Ɗan Isa, da ke mai ɗauko itace daga daji. Babban mutum yana yin taki wajen 1300 cikin kilomita guda. In kana tafiyar kilomita 10 a yini, takalmin da ya matse ka ya gurje ka sau dubbai kafin magariba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: lambar da ke ƙarƙashin takalmi tsawonsa kaɗai take faɗi, ba ta faɗin faɗinsa. Mai faɗin ƙafa, da wanda tafin ƙafarsa ya shimfiɗe, in suka bi lamba kaɗai, ƙafarsu ce za ta biya.

Da farko ka san irin ƙafarka. Jiƙa ta da ruwa, ka taka a kan siminti busasshe, ka dubi sawun. Yawancin mutane za su ga gefen ciki bai taɓa ƙasa ba, domin akwai ɗan kwari a tsakiyar tafin. In sawun ya fito cikakke daga yatsu har dunduniya, tafinka shimfiɗaɗɗe ne. To, sai ka dafa bango ka yi ɗage a kan yatsu. In kwarin ya bayyana, ƙafar mai laushi ce, kuma muddin ba ta ciwo ba cuta ba ce, ba ta bukatar magani. Haka ma yara ƙanana: kwarin yakan fito da kansa, galibi kafin shekara 10. Amma in ka yi ɗage kwarin bai fito ba, ko ƙafa guda ce ta shimfiɗe kwanan nan da ciwo ko kumburi a bayan idon sawu na ciki, wannan ba aikin mai takalmi ba ne, na likita ne.

Sai awo. Ka yi shi da marece, bayan ka yi tafiyar yini, domin ƙafa tana ɗan kumbura da tafiya da zafi. Aje takarda a ƙasa mai ƙarfi, ka tsaya a kanta, nauyinka a kan ƙafafun duka biyu. Kada ka zauna, domin shimfiɗaɗɗen tafi sai an tsaya yake bajewa. Wani ya zagaya ƙafar da fensir yana riƙe da shi a tsaye. A zana duka biyu, a yi aiki da wadda ta fi girma. Auna tsawo daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, sannan ka auna faɗi a wurin da ya fi faɗi, wato daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙaramin.

Mu yi lissafi tare. A ce wani mai tallan goro ya auna, ya sami tsawo santimita 26 da rabi, faɗi santimita 11. Yatsu suna bukatar wuri a gaba, sai mu ƙara santimita 1 da rabi, ya zama 28. A lambobin Faransa, waɗanda muka saba gani a nan, kowace lamba 3 santimita 2 ce. Ke nan sai a ɗauki 28 a ƙara mata rabinta, wato 14. Jimla 42. Lambarsa ke nan ta wajen tsawo.

Ya je kasuwar Maradi da takardarsa, an ba shi lamba 42. Sai ya zaro shimfiɗar cikin takalmin ya ɗora a kan zanen ƙafarsa, ya ga faɗinta santimita 10 ne, ƙafar ta fi ta da santimita guda. Mai kaya zai ce masa ya ɗauki 44, ko kuma ya ce zai buɗe da sawa. Duka biyu ba mafita ba ne. Lamba 44 tsawo take ƙarawa, fiye da santimita guda, faɗin da take ƙarawa kaɗan ne. Ƙafa sai ta riƙa zamewa gaba da baya, dunduniya ta yi bororo, yatsu su riƙa ƙanƙamewa don su riƙe takalmin. Batun buɗewa kuwa, fata takan ɗan saki, amma roba ba ta saki. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya nemi wani samfurin 42 mai faɗin baki, ko ya kai takardarsa wurin baduku a yanka masa daidai zanen.

Kafin ka biya, gwada takalmin da hannu. Lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwashe a wajen gindin yatsu, inda ƙafa take lanƙwashewa, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar mai matse wanki: in ya murɗe babu wuya, ba zai tallafi shimfiɗaɗɗen tafi ba. In rufaffe ne, danna bayansa da yatsa, ya zama mai tauri. In buɗaɗɗe ne, ya zama da maɗauri a bayan dunduniya da wani a bisa ƙafa wanda ake sassautawa. Silifa na wanka da alwala ne, ba na tafiyar kilomita 10 ba. Takalmin taya yana jure ƙaya da tsakuwa, amma yana da tauri, sai baduku ya shimfiɗa masa fata ko roba mai laushi. Na gwanjo kuwa, aje shi a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe guda, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, bar shi.

Yanzu batun shimfiɗar ciki mai ɗan tudu a tsakiya, wadda ake sawa don ta tallafi tafi. Ba ta mai da shimfiɗaɗɗen tafi mai kwari. Aikinta rage ciwo da gajiya, don haka wanda ba ya jin ciwo ba ya bukatarta. In za ka sa, fitar da tsohuwar tukuna, in ba haka ba wurin ƙafa ya ragu, matsin ya ƙaru. Tudun ya zauna a gefen ciki, tsakanin dunduniya da gindin babban yatsa, kuma ya zama maras tsawo, domin dogon tudu a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen tafi kamar taka dutse ne. Ranar farko ka sa ta awa 1 ko 2, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako 2.

Yaya za ka gane abin bai yi ba? Da dare ka wanke ƙafa ka duba. Shatin da bai ɓace ba bayan rabin awa, bororo, kanta a gefen ƙaramin yatsa, ko farcen da ya yi baƙi, duk alamun matsi ne. Mai ciwon suga da wanda ya taɓa yin kuturta su ƙara kula, domin ƙafarsu tana iya rasa ji, takalmi ya ji musu rauni ba su sani ba. Su duba tafinsu kullum, su zazzage takalmi kafin su sa, kuma ko ƙaramin gyambo suka gani su tafi asibiti. Ga masu kuturta akwai asibitin Danja, kusa da Maradi.

Aikin gida: kowa ya zana ƙafarsa, ya rubuta tsawo da faɗi, ya fitar da lambarsa, ya kawo wa malamin ajinsa ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.