Abin da Hoton Zobe Zai Faɗa Miki Kafin Ki Biya Kuɗi

Cinikin gwal yanzu a waya ake fara shi. Dillaliya ta turo hoton zobe yana walƙiya, ta ce ɗan Dubai ne, a yi sauri kafin wata ta riga. To, Hajiya, hoton fuskar zobe ado kawai yake nunawa. Wanda ya kamata ki nema shi ne na cikinsa, wajen da ke taɓa yatsa, a ɗauke shi kusa cikin hasken rana. Can maƙera suke buga hatimi.

Yawanci lamba uku za ki gani, kuma ma'anarta kashi nawa ne zinari cikin dubu. Idan an buga 750, kashi 750 zinari ne, saura 250 tagulla ce ko azurfa da aka gauraya don zoben ya yi ƙwari. Shi ake kira karat 18. Lamba 875 karat 21 ke nan, wanda ake yawan samu a kasuwannin Saudiyya da Dubai, 916 kuwa karat 22, irin wanda Indiyawa suka fi so. Wani maƙerin karat ɗin yake bugawa kai tsaye, 18K ko 21K. Amma 18 tsurarta babu K a gefenta ba hujja ba ce, tana iya zama awon yatsa.

Lambar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce 925. Wannan hatimin azurfa ne. Zobe ya yi rawaya shar, cikinsa kuma an buga 925, to azurfa ce aka yi wa ruwan gwal. Ba jabu ba ne in an sayar da shi a matsayin abin da yake, sai dai kuɗinsa bai ko kama ƙafar na zinari ba. Haka nan haruffan GP, GEP, HGE ko GF bayan lambar: 18K GP na nufin wani ƙarfe ne aka lulluɓe da siririn zinari mai karat 18. A duba gefen zoben a hoton da wajen da ya fi gogayya. In launin ya koɗe, fari ko ja ya leƙo, magana ta ƙare.

Mu ɗauki zobe mai hatimin 875 wanda sikeli ya nuna giram 4. A nemi hotonsa a kan sikelin, domin ido ba ya auna nauyi, kuma akwai zobba masu kauri da cikinsu holoƙo ne. Giram 4 sau 0.875 ya ba da giram 3.5 na tsantsar zinari. Don sauƙin lissafi, a ƙaddara giram na tsantsar zinari naira 100,000 ne a ranar. Zinarin da ke jikin zoben ya kama naira 350,000. Da 750 aka buga, giram 3 ne kacal, wato naira 300,000, alhali a hoto da ƙyar a bambance su. Abin da mai kaya ya ɗora a kai kuɗin aiki ne da ribarsa, nan ne ake tayi. Ranar da za a sayar da zoben kuwa kuɗin aikin ba ya dawowa. In akwai dutse, sai a tambaya ko an cire nauyinsa, musamman in an ga CZ, alamar cewa kwaikwayon lu'ulu'u ne mai araha. Sayen dutse irin wannan a farashin gwal asara ce zalla.

Hatimi ma suna da daraja hawa-hawa. Lamba ita kaɗai da'awar maƙeri ce, kuma ƙarfen buga 750 ba wuyar samu gare shi ba. A Birtaniya, dokar 1973 ta sa ofishin gwaji mai zaman kansa ne ke buga tasa alama kusa da ta maƙeri da lambar: kan damisa na Landan, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham, fure na Sheffield, gidan sarauta mai hasumiya na Edinburgh. Indiya kuma tun 2021 hukumarta ta BIS ke sanya shaida mai haruffa da lambobi shida, wadda ake iya bincikawa a manhajar hukumar. Irin waɗannan sun fi lamba tsura nauyi, ko da yake su ma ana kwaikwayonsu.

A ganina hoto ya fi amfani wajen korar kaya fiye da tabbatar da shi. Ya isa ya ce miki kada ki saya. Bai isa ya ce saya ba. Rashin hatimi ma ba ya nufin jabu, don aikin maƙeranmu na gida sau da yawa ba ya ɗauke da komai, tsohon zobe kuma hatiminsa kan goge ko ya tafi wajen rage faɗinsa. Saboda haka a yi ciniki bisa sharaɗin gwaji: a kai wa mai gwal ya goga shi a baƙin dutse ya ɗiga asid, ko a sa shi a na'urar awo. In zoben mai kauri ne, a nemi izinin mai shi a ɗan kankare cikinsa tukuna, domin lulluɓi mai kauri yakan yaudari dutsen da na'urar duka.