Amsar da Aka Rubuta Cikin Fushi: Yadda Ake Gyara Ta Kafin a Tura

A ɗauka wani magidanci ne ke karɓar kuɗin hayar gidan da mahaifinsu ya bari. Ran nan da daddare sai ƙanwarsa ta rubuta a zauren WhatsApp na iyali, inda kowa ke gani: "Yaya, wai ina labarin kuɗin hayar gidan Baba ne? Wata uku ke nan shiru." Kafin ya ankara ya cika fuskar waya da rubutu. Ya ce ta kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Ya tuna mata cewa shi ya yi jinyar Baba a asibiti lokacin da kowa ya watse, ya jawo maganar kayan ɗakinta da ya haɗa, ya ce ya san mijinta ne ke zuga ta, ya rufe da cewa daga yau kowa ya kama gabansa. Can a tsakiyar rubutun, a layi ɗaya tak, ya ambaci cewa ɗan haya ya biya naira 600,000, an kashe 180,000 a gyaran rufi, sauran suna banki.

Wannan layin shi ne amsar. A kusan kowace doguwar amsa ta fushi akwai irinsa, kuma aikin gyara bai wuce a sheƙe ƙaiƙayi a bar tsaba ba. Sai dai mutum ba ya iya wannan aiki jikinsa na rawa.

Dalilin a jiki yake. Idan rai ya ɓaci, sinadaran da ke shirya mutum don faɗa suna kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, hankali ya tattaru a kan laifin abokin magana kaɗai. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka wanda ya daɗe yana nazarin rigimar ma'aurata, yana ba da shawarar a dakata aƙalla minti 20 kafin a koma kan magana, domin jiki ya sauka. Sharaɗin shi ne a bar tunanin. Wanda ya ajiye waya amma ya kwashe mintunan yana ƙulla sabbin baƙaƙen maganganu a ransa bai huta ba. Koyarwar da muka tashi da ita ma ta jiki ce: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ko ya yi alwala. Idan saƙon ya shigo bayan isha'i, a ganina a kai shi safiya kawai.

Rubuta daftarin farko ba laifi ba ne, wurin rubutawa ne abin lura. A yi shi a takarda, ko a manhajar ajiye rubutu ta waya, nesa da akwatin amsa inda kuskuren ɗan yatsa ya isa ya tura shi. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi haka a watan Yulin 1863. Bayan yaƙin Gettysburg ya rubuta wa Janar George Meade wasiƙa mai zafi saboda ya bar rundunar Janar Lee ta tsere, amma bai sa mata hannu ba, bai kuma aika ba. A cikin takardunsa aka same ta.

Da gari ya waye, sai magidancin nan ya fara da sake karanta saƙon ƙanwarsa, kafin nasa. Zai tarar babu kalmar sata a ciki. Tambaya ce da ƙorafin shiru, kuma shirun gaskiya ne. Rubutu ba ya ɗauke da murya, don haka mai karatu ne ke sa masa muryar da ke cikin ransa a lokacin. Jimlar da za ta wuce salin-alin in an faɗe ta a tsakar gida ana dariya, a waya tana iya zama tuhuma.

Daga nan ya bi daftarinsa jimla-jimla yana tambaya: wannan abin da ya faru ne, ko abin da nake zato? "An kashe 180,000 a rufi" abu ne da rasit zai tabbatar. "Mijinki ne ke zuga ki" zato ne, kuma shi ne mafi haɗari a duk rubutun, domin ya shigo da mutumin da ba ya cikin maganar, ya kuma buɗe rigimar da za ta kai shekara bayan an manta da haya. Jinyar Baba da kayan ɗaki gaskiya ne, amma ba a tambaye su ba, kuma ambatonsu a nan gori ne. Kalmomi irin su "kullum", "ba ki taɓa" da "dama halinki ne" su ma su fita, saboda da zarar ta kawo misali ɗaya da ya saɓa musu, muhawara ta koma kan wannan misalin. Barazanar yanke zumunci kuwa, in ba da gaske zai aikata ba, me ya sa zai rubuta abin da gobe zai ji kunyar janyewa?

Ga abin da ya rage:

"Wa alaikumus salam. Kin yi gaskiya, na jinkirta bayani, ku yi haƙuri. Ɗan haya ya biya 600,000. An kashe 180,000 a gyaran rufi, ga hoton rasit. Sauran 420,000 suna asusu, za a raba ranar Asabar in Allah ya kai mu. Amma ƙanwata, nan gaba ki fara kirana kafin ki sa a zaure, don ban ji daɗi ba."

Ba a ce ya haɗiye ɓacin ransa ba. Ya faɗe shi sau ɗaya, a jimla ɗaya, tare da abin da yake so a yi nan gaba. Wasu ma za su ce ya cire jimlar ƙarshe daga zaure ya tura mata ita kaɗai, kuma ina ganin sun fi gaskiya: lissafi na kowa ne, ƙorafi na mutum biyu ne.

Akwai tarkon da masu gyara ke yawan faɗawa, wato sanyin ƙarya. Mutum ya goge zagi ya maye gurbinsa da habaici: "To, na gode, Allah ya saka," ko "Ba komai, duniya ce." Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi, kuma sau da yawa ya fi zagin ciwo, don ba a san ta inda za a amsa shi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka karanta amsar a bayyane, ka ji ko za ka iya faɗinta haka a gaban Inna ko Kawu ba tare da wani ya ce "a'a, bari mana" ba.

Kada kuma a dogara da gyara bayan turawa. WhatsApp yana ba da minti 15 ne kawai don gyara saƙo, kuma yana manna masa "Edited". Zaɓin "Delete for everyone" yana aiki na kimanin kwana biyu, amma yana barin "This message was deleted" a wurin, wanda ke sa kowa tambayar me aka goge, kuma ba ya taɓa hoton da wani ya riga ya ɗauka. A Gmail, "Undo Send" bai wuce daƙiƙa 30 ba.

Idan ka yi duk wannan gyara amma amsar ta ƙi sauka ƙasa da cikin fuskar waya guda, maganar ta fi ƙarfin rubutu. Ka rubuta "Na gani, zan kira ki bayan la'asar," sannan ka kira.