Farfasa lamba don gano HCF da LCM

Ranar wata Asabar 'yar ƙanwata ta zo mini da littafin lissafinta, ido ya yi rau-rau. An ba su aikin gida su nemo HCF da LCM na 72 da 60, ta rubuta 360 a gurbin na farko, 12 a gurbin na biyu, malami ya ja mata jan biro. "Kawu, ai an ce mana HCF shi ne babba," in ji ta. Lissafinta daidai yake, sunayen ne suka ruɗe ta. Na daɗe ina ganin wannan tuntuɓe a wurin yara, kuma abin yana damuna, domin yaron da ya gane ma'anar abin sau ɗaya ba ya sake faɗa masa.

HCF, wanda littattafan Nijar ke rubutawa PGCD, shi ne lamba mafi girma da za ta raba lambobin duka biyu ba tare da saura ba. Tunda raba su take yi, ba yadda za a yi ta fi ƙaramar cikinsu. LCM kuwa, ko PPCM, shi ne lamba mafi ƙanƙanta da lambobin biyu za su iya rabawa ba saura, don haka ba ta taɓa gaza babbar cikinsu. Da yarinyar ta san wannan, kallo ɗaya zai nuna mata cewa 360 ba za ta raba 60 ba.

Hanyar da nake koya wa yara tana farawa ne da wasu lambobi waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, har gaba. Bari mu kira su lambobin tushe, domin kowace lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta ta tushe ce, ko kuma daga su aka ninka ta. Ita 1 ba ta cikinsu. Kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take farfashewa. Ko ka fara da 8 × 9, ko da 6 × 12, in ka bi 72 har ƙarshe abu guda za ka tarar.

Ga yadda muka yi a kan tabarma. Na ce ta raba 72 da 2, ta sami 36. Ta sake, 18. Ta sake, 9. Nan biyu ta ƙi shiga, sai muka koma uku: 9 ta ba da 3, 3 ta ba da 1. Da an kai 1 aiki ya ƙare. Ita kuma 60 ta ba da 30, sannan 15, sannan uku ta mai da ita 5, biyar ta mai da ita 1. Muka jera su ɗaya bisa ɗaya:

72 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3
60 = 2 × 2 × 3 × 5

Sai na ɗebo wake da gyaɗa da tsakuwa. Kowace 2 ƙwayar wake ce, kowace 3 gyaɗa, 5 kuma tsakuwa. A faifan 72 akwai wake uku da gyaɗa biyu. A faifan 60 akwai wake biyu, gyaɗa ɗaya, tsakuwa ɗaya. Na tambaye ta me faifan biyu suka yi tarayya a kai. Ta duba ta ce wake biyu da gyaɗa ɗaya. To shi ke nan HCF: 2 × 2 × 3, wato 12. Waken nan na uku ba ya shiga, saboda 60 ba ta da shi. Tsakuwa ma ba ta shiga, saboda 72 ba ta da ita. In ka kuskura ka sa 5 a ciki, lambar da za ta fito ba za ta raba 72 ba.

Daga nan na juya tambayar. Na ce ta haɗa mini faifai na uku, wanda in na so zan ɗebi kayan 72 daga cikinsa cif, in na so kuma in ɗebi na 60, amma kada ta zuba ko ƙwaya ɗaya da ba a bukata. Ta ɗan yi shiru, sannan ta sa wake uku, don 72 na neman uku. Ta sa gyaɗa biyu. Ta kusa tsayawa nan, sai ta tuna da tsakuwar 60, ta ɗora. 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 ya ba da 360. Abin da littafi ke nufi ke nan da cewa a HCF a ɗauki ƙaramin adadi na abin da aka yi tarayya a kai, a LCM kuma a ɗauki babban adadi na duk abin da ya bayyana. A takaice ana rubuta na biyun 2³ × 3² × 5, inda ƙaramar lambar sama ke faɗin sau nawa ta ƙasa ta zo.

A jarrabawa ba kullum ake faɗa maka wanne ake nema ba, labari ake ba ka. Idan aka ce akwai littattafai 72 da biro 60, ana so a raba wa ɗalibai mafi yawa daidai wa daida ba saura, rabo ake yi, amsa 12 ce: kowa littafi 6 da biro 5. Idan kuma aka ce mota ɗaya na tashi daga tasha kowane minti 72, ɗaya kowane minti 60, sun tashi tare ƙarfe shida na safe, to haɗuwa ake nema a gaba. Minti 360 awa shida ce, sai sha biyun rana za su sake tashi tare.

Kuskuren da ya fi cin maki shi ne tsayawa kafin lamba ta gama fashewa. Yaro ya ga 9 ko 15 ya bar su haka. Waɗanda suka fi yaudara su ne irin su 51, 57 da 91, masu kama da na tushe alhali 51 ita ce 3 × 17, 57 ita ce 3 × 19, 91 kuma 7 × 13. Ga dabara mai sauƙi game da uku: haɗa alƙaluman lambar, in uku ta raba jimlar, to ta raba lambar. A 51, biyar da ɗaya shida ne, ka ga uku ta shiga.

Akwai kuma hanyar duba aiki kafin a miƙa takarda. Ninka HCF da LCM, dole su ba da abin da lambobin biyu suka bayar. 12 × 360 ya zo 4320, haka ma 72 × 60. Da yarinyar ta manta da tsakuwar nan, da LCM ɗinta ya tsaya a 72, gwajin ya tona. Sai dai a kula, wannan gwaji na lambobi biyu ne kawai. A 4, 6 da 8, HCF 2 ne, LCM 24, ninkinsu 48, alhali 4 × 6 × 8 ya kai 192.

Farfasawa tana da iyakarta. Gwada 391 da 667: sai ka bi 2, 3, 5, 7, 11, 13 duk sun ƙi, kafin 17 ta raba ta farko. A irin wannan wuri akwai tsohuwar hanyar da Yuklid, masanin Girkawa da ya koyar a Iskandariya, ya rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka raba babba da ƙarama, ka riƙe saura, sannan ka raba ƙaramar da sauran, haka har saura ya ƙare. 667 da 391 sun bar 276, 391 da 276 sun bar 115, sai 46, sai 23, ita kuma 23 ta raba 46 ba saura. HCF ɗinsu 23 ne. Don samun LCM, raba 391 da 23 ka sami 17, ka ninka da 667, amsa 11,339.